Na san nahawu, amma bakina ya mutu a titin Alƙahira

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 23, wata 8 ke nan da zuwana Alƙahira karatu a Azhar. A gida na haddace Alƙur'ani, na karanta nahawu daidai gwargwado, har ina koyar da yara a Islamiyyar unguwarmu, don haka na ɗauka Larabci ba zai ba ni wahala ba. A satina na biyu na shiga wani shago na nemi madara da burodi da Larabcin littafi. Mai shagon ya saurare ni har na gama, sai ya ce "sadaƙallahul azim", mutanen da ke ciki suka fashe da dariya. Tun daga ranar bakina ya mutu. Mu biyar ne a gida ɗaya a Hayyul Ashir, duk Hausawa, kuma wanda ya shekara huɗu a nan shi ke yi mini magana ko'ina muka je. A aji ma malamai sukan zame su koma Ammiyya, wato Larabcin mutanen gari, in rasa inda aka dosa. Wani abokina ya ce kada in koye ta, wai za ta ɓata mini Fusaha, wato Larabcin littafi. Ga yaran layi suna kirana "samara", wato baƙar fata. Ina son in riƙa hira da mutanen gari, amma da na buɗe baki sai gabana ya faɗi, ina tsoron in sake yin abin dariya. Yaya zan yi?

Wani ɗalibi, daga Alƙahira

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba da ilimi mai amfani.

Bari mu fara da mai shagon nan, tunda shi ne ya tsaya maka a rai. Barkwancin da ya yi maka tsoho ne, ba don kai aka ƙirƙire shi ba, ɗalibai baƙi da yawa sun sha shi kafin ka zo. Bamisire yana jin Fusaha a huɗubar Juma'a, a labaran talabijin, a wajen karatu, amma ba ya jin ta a bakin mai sayen burodi. Da ka jero masa jimla da wasullanta cif, kunnensa sai ya ji kamar an buɗe littafi a tsakiyar shago, shi kuma ya rufe maka karatun. Ban wanke shi ba, domin a sa baƙo a tsakiya a yi masa dariya ba halin kirki ba ne a kowace ƙasa. Amma ka lura da abu ɗaya: ya fahimci abin da ka ce sarai. Dariyar ta salon magana ce, ba ta jahilci ba. Kuma mutanen Alƙahira mutane ne masu son raha, suna zolayar junansu daga safe har dare, wanda ya iya mayar da zolaya cikin murmushi shi suke ja a jiki. Da ka ce masa "Allah yiftah alek ya shekh", wato Allah ya yi maka buɗi Malam, kana dariya, da wataƙila yau shi ne babban abokinka a layin.

Tsoron kuwa ina ganin na san inda ya samo asali. Ka taso a makarantar da idan ka ɗora fataha a inda kisira take, kafin ka rufe baki an gyara maka, kuma haka ya kamata, domin a karatun Alƙur'ani wasali ɗaya yana juya ma'ana. Daga baya kai ma ka zama mai gyara wa yara. Mutumin da aka saba kira Malam, ba ƙaramin abu ba ne ya tsaya gaban mai sayar da wake yana in'ina kamar ɗan shekara uku. Wannan nauyin gaskiya ne, ban raina shi ba. Sai dai ka ɗauko dokar aji ka kai ta kasuwa, inda ba ta aiki. Ammiyyar Masar ba ta da i'irabin da kake tsoron karyawa. Ƙarshen kalmomi a ɗaure suke, babu mai jiran ya ji ko za ka yi rufu'a ko nasaba. Ka tuna Ibon da ke sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, wanda yake ce wa dattijo mai gemu "ki kawo kuɗi". Muna murmusawa, mu saya, gobe mu koma wajensa, har mu fi sakin jiki da shi a kan ɗan'uwansa da ya ƙi buɗe baki sai da Turanci. Haka kake a idon mutanen layinku.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kurakurai ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai masu araha, waɗanda za ka yi ɗari a yini ba wanda zai tuna: ka sa namiji a wurin mace, ka kawo kalmar littafi a tsakiyar maganar titi, ka karya jam'i. Waɗannan ka yi su hankali kwance, da su ake koyo. Akwai kuma masu tsada, su ne na ladabi da na kuɗi, kuma sa'ar da ka yi ba su da yawa, za ka iya sanin su a zama ɗaya. Kalmar "imra'a" ta littafi idan ta koma "mara" a bakin titi zagi ce, kada ka kira mace da ita, "sitt" ake cewa. Kada ka ce wa baligi "ya walad". Wanda ya girme ka ko yake da muƙami ba a ce masa "inta" gatsau, "hadritak" ake cewa, mace kuma "hadritik". Malamin jami'a "ya duktur" ne, direba da makaniki "ya usta", dattijon layi "ya amm" ko "ya hagg", wanda ba ka san matsayinsa ba "ya ustaz". Matar da ba ta manyanta ba kada ka yi saurin ce mata "hagga", wata za ta ji ka tsufar da ita, "ya madam" ko "ya ustaza" ya fi lafiya. Idan ka daidaita kiran mutum, abin da ya biyo baya ko ya karkace ana yafe shi.

Yanzu kunne. Kana da dubban kalmomin Larabci a ka, yawancin abin da ake faɗa a titi ka san shi, kamanninsa ne suka canza. Sautuka kaɗan ne suka yi wannan aikin. Ƙaf a bakin mutumin Alƙahira takan koma hamza, shi ya sa "ƙalb" ta zama "alb", "ƙahwa" ta zama "ahwa", "ƙul" ta zama "ul". Jim takan koma g, "jamil" ta zama "gamil", "masjid" ta zama "masgid". Sa mai ɗigo uku takan koma t a kalmomin yau da kullum, kuma a nan Bahaushe ya ci riba ba tare da ya sani ba, domin talatin da tamanin da muke faɗa a Kano haka suke a bakin Bamisire, ga ashirin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in duk kusan ɗaya. Kalmar tambaya kuma sukan ajiye ta a ƙarshe: "ismak e", mene ne sunanka, "rayih fen", ina za ka. Korewa "mish" ce, ko kuma a yi wa aikatau zobe da "ma" a gaba da "sh" a baya, "ma'rafsh", ban sani ba. "B" a farkon aikatau abin da ake cikin yi ne, "ha" abin da za a yi. Ka zauna da waɗannan sati ɗaya kana saurare a mota da shago, za ka ji maganar da take kamar ruwan sama ta fara rarrabuwa kalma kalma. Wani abu da zai iya rikita ka: masu gadin gidaje da yawa daga kudancin ƙasar suke, daga Sa'id, su kuma ƙaf ɗinsu g ce, jim ɗinsu tana nan kusa da yadda ka san ta. Idan ka ji mai gadinku ya ce "gal" inda mai shago ya ce "al", ba kunnenka ne ya samu matsala ba.

Amma saurare kaɗai ba ya buɗe baki, kuma a nan ne nake so ka yi aiki. Ka daina tunanin hira da "mutanen gari", wannan taro ne mai yawa, kowa ya tsaya gabansa sai gabansa ya faɗi. Ka zaɓi mutum uku da kake gani kullum ko kana so ko ba ka so: mai gadin gidanku, mai keken ful, wato dafaffen wake, da kake wucewa da safe, da mai shago ɗaya. Dalilin zaɓen irin waɗannan shi ne maganar da za ta haɗa ku kusan ɗaya ce kullum, kana iya shirya ta tun daga gida, gajeriya ce, tana da ƙarshe, kuma idan ka yi kuskure yau gobe kana da damar gyarawa a gaban mutum ɗin dai. Baƙon da za ka gamu da shi sau ɗaya a jirgin ƙasa ba zai ba ka wannan ba.

Mu ɗauki mai ful mu bi shi daki daki. Kada ka je lokacin da ma'aikata suka yi masa caa, kowa yana miƙa hannu, domin a lokacin ko ɗan gari ba ya samun amsa mai daɗi. Ka jira cunkoso ya lafa. Kwanakin farko abu uku kawai za ka faɗa. Ka ce "sabahil kher ya amm", zai ce "sabahin nur" ko "sabahil full". Ka ce "itnen ful wi wahid ta'miyya, law samaht", wato ful biyu da ƙosansu ɗaya, don Allah. Ka ce "bikam", nawa ne. Shi ke nan, ka biya ka tafi. Ba ka nemi hira ba, ka nemi fuskarka ta zauna masa.

A wajen kuɗin nan ne kuskure mai tsada yake laɓe. "Khamastashar" 15 ce, "khamsin" 50. "Talattashar" 13, "talatin" 30. Da sauri ake faɗarsu, ga ƙarar motoci. Kuma ƙaramin adadi ne yake zuwa farko, "khamsa wi talatin" 35 ce, ba 53 ba. Maganinsa ka maimaita masa adadin da muryar tambaya kafin ka miƙa kuɗi, in da hali ka nuna da yatsu ko a allon waya. Babu ɗan kasuwar da yake jin haushin a maimaita masa farashi. Ka riƙa tafiya da canji, "fakka" suke ce masa, domin rigimar canji da safe ta fi ƙarfin ɗan koyo.

Bayan 'yan kwanaki, idan ka gama ci ka ce masa "tislam idak", Allah ya kiyaye hannunka. Wannan addu'ar ita ce take buɗe ƙofa, domin baƙi ba su cika sanin ta ba, kuma mai dafa abinci yana son jin ta. Kusan tabbas zai ɗago kai ya tambaye ka "inta minen", daga ina kake. Ka ce daga Najeriya, zai ce "ahsan nas", mutanen kirki, haka suke ce wa kowa. Zai tambaye ka me kake yi a Masar, ka ce "badris fil Azhar". Za ka ga fuskarsa ta canza, domin ɗalibin Azhar yana da mutunci a wajen talakan Masar, wataƙila daga ranar ya koma kiranka "ya shekh" ko "ya maulana". Idan ya ce "nawwart Masr", ka haskaka Masar, amsarta "minawwara bi ahlaha", da mutanenta take haske. Tambayoyin da za a yi maka ba su wuce biyar ko shida ba, kuma su ne dai kowa zai yi: daga ina, me kake karantawa, tun yaushe ka zo, kana da aure, Masar ta yi maka daɗi. Ka rubuta amsoshinsu da Ammiyya, ka ba wanda ya iya ya duba maka, ka haddace su. Mutumin da ya haddace izu sittin ba zai gagara haddace layi shida ba.

Daga nan sai maganarsa ta fi ƙarfinka, ya sako jimla uku a jere ba ka kama ko ɗaya ba. Wannan shi ne lokacin da ɗan koyo yake gyaɗa kai ya ce "aiwa, aiwa" don ya tsira, kuma shi ne babban abin da zan hana ka. Da "aiwa" ɗin kunya ake amsa farashin da ba a ji ba, ake ɗaukar alkawarin da ba a san an ɗauka ba. Ga abin da za ka riƙe a madadinta. "Ma'lesh, ana lissa bat'allim", yi haƙuri, har yanzu koyo nake. "Birraha shwayya", ɗan sassauta. "Mumkin ti'ul tani", ko za ka sake faɗa. Wadda ta fi su duka amfani kuwa ita ce ka cafko kalma ɗaya daga cikin abin da ya faɗa ka ce "ya'ni e" kaza, me kaza take nufi. Idan ka ce "mish fahim", ban gane ba, ka mayar masa da kayan gaba ɗaya, bai san ta inda zai taimake ka ba, sau da yawa sai ya ɗaga murya kawai ko ya yi shiru. Idan kuwa ka nuna masa kalmar da ta tsaya maka, ka ba shi ƙaramin aiki da zai iya, zai kawo wata kalmar, ko ya nuna da hannu, ko ma ya lalubo ta Fusaha, hira ta ci gaba. Haka nan ka riƙa nuna abu a kan keken ka ce "da ismu e", wannan mene ne sunansa. Kalma ɗaya a rana ta isa, gobe ka dawo ka yi amfani da ita a gabansa. Mutum yana son ya ga abin da ya koyar ya zauna.

Kalmar da ta ɓace maka kuma, kada ka tsaya nemanta har shiru ya yi tsawo. Ka jefa ta Fusaha ka wuce. Jimlar da aka gina da Ammiyya aka cusa mata kalmar littafi ɗaya ba ta ba kowa dariya. A nan ne karatunka na gida yake zama jari, domin ɗalibin da ya zo bai san komai ba idan kalma ta ɓace masa ba shi da abin jefawa. Sai dai ka yi hattara da 'yan kalmomin da ma'anarsu ta kauce: burodi "esh" ne, madara "laban", abin da wasu Larabawa suke kira laban kuma a Masar "zabadi" ne.

Wata rana za ka miƙa kuɗi ya ture hannunka ya ce "khalli", bar shi. Karamci ne na baki, ba kyauta ba. Ka ce "rabbina yikhallik", ka sake miƙawa, zai karɓa. Haka idan ka wuce mai gadi yana cin abinci ya ce "itfaddal", kamar bismillarmu ce ta gida, ka yi godiya ka wuce. Su da kansu suna da suna ga irin wannan gayyatar, suna kiranta gayyatar masu jirgin ruwa, wato wanda yake tsakiyar kogi yana kiran na bakin gaɓa ya zo a ci. Idan aka maimaita sau biyu sau uku, aka jawo maka kujera, to da gaske ake, ƙin zama kuma a lokacin shi ne rashin kyautawa. Akwai kuma ɗan ƙaramin sautin da suke yi da harshe mai kama da tsaki, wani lokaci tare da ɗaga gira. Kunnen Bahaushe zai ji raini, alhali a'a kawai ake nufi. Idan aka haɗa yatsu biyar aka ɗaga su sama ana girgizawa a hankali, ana cewa ka dakata ne.

Yaya za ka gane dariyar so da ta wulaƙanci? Ka duba inda mutum ya juya fuskarsa. Wanda ya yi dariya yana kallonka, ya maimaita maka kalmar daidai, ya ci gaba da sallamarka, wannan yana wasa da kai ne, ka taya shi. Wanda ya juya wa jama'a yana kwaikwayon muryarka, ya bar ka a tsaye, ba malaminka ba ne, shaguna sun yi yawa a Hayyul Ashir. Game da mai shagon farko, ni dai da zan so ka koma sau ɗaya, ka yi sallama, ka ce "ayiz laban wi esh". Idan ya tuna ka ya yi murmushi, ka samu mutum na uku. Idan ya sake ɗaukar wancan salon, ka san matsayinsa, ka sauya shago ba tare da ka ɗora wa kanka laifi ba.

Batun yaran layi daban ne, kuma ba zan shafa masa mai ba. Baƙaƙen fata a Alƙahira suna jin irin waɗannan kalmomi, wani lokaci daga bakin wanda yake ganin wasa ne, wani lokaci daga wanda ya san abin da yake yi. Ba Larabcinka ne ya jawo shi ba, don haka kada ka haɗa shi da tsoron kuskure, 'yan Sudan da Larabci ne harshensu ma suna jin sa. Kada ka tsaya cacar baki da yara, musamman idan suna da yawa. Abin da yake rage shi a layin da mutum yake zaune shi ne manya su san shi. Ranar da mai gadi da mai shago suka san sunanka, suka san ɗan Azhar ne, su ne za su daka wa yaran tsawa su ce "eb ya walad", abin kunya ne yaro. Idan abin ya wuce baki ya kai ga jifa ko taɓa jiki, wannan ba na haƙuri ba ne, ka sanar da shugabannin ɗalibanku da mai gidan da kuke haya.

Idan ƙafarka ta ɗan tsaya da waɗannan ukun, hanya mafi sauƙi ta faɗaɗa hira ita ce ƙwallo, ko da ba ta dame ka ba. Za a tambaye ka "ahlawi walla zamalkawi", wato Ahli kake ko Zamalik. Kana da abin faɗa, domin Emmanuel Amunike ya buga wa Zamalik a farkon shekarun 1990, Junior Ajayi kuma ya yi shekaru a Ahli, masu bin ƙwallo sun san su. Ka zauna a gidan shayi ranar wasa, ka sayi shayi ɗaya. Kowa idonsa yana kan talabijin, babu mai jiran ka yi jawabi, kalmomin kuma ana ta maimaita su. Abu biyu zan ce ka kiyaye. Siyasar ƙasar ba taka ba ce, ko an ja ka ka ce kai baƙo ne mai karatu. Sannan akwai Kiristoci Kibɗawa da yawa a garin, wataƙila mai kantin magani ko mai ɗinkin da kake zuwa wajensa yana cikinsu, sau da yawa za ka ga ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa. Gaisuwar safe da ta yamma tana shiga ko'ina, kada ka buɗe hira da muhawarar addini.

Ɗan'uwan da yake yi maka magana ya kyauta, Allah ya saka masa. Amma muddin yana gefenka, mai shago shi zai kalla, kai ma shi za ka kalla. Ka zauna da shi ka gode masa, sannan ku raba aiki. Sayen burodi, ful, shiga ƙaramar bas da cewa "ala gamb ya usta" idan za ka sauka, waɗannan naka ne kai kaɗai, ko kuna tare ya yi shiru sai ka waiwayo ka neme shi. Ofishin takardar zama, asibiti, yarjejeniyar haya, duk inda za a sa hannu ko a rubuta magani, a nan ka tafi da shi, kuma ba abin kunya ba ne ko bayan shekara biyu. Da dare ka kawo masa abin da ka ji ba ka gane ba ya warware maka. Ka ga ya tashi daga mai magana da yawunka ya koma malaminka, shi ma ka sauke masa nauyi, domin ba mamaki ya gaji yana jin nauyin faɗa maka.

Shi kuma abokin da yake tsoron kada Fusaharka ta gurɓace, akwai ƙanshin gaskiya a maganarsa. Ana samun ɗalibin da yake sakin karatu ya rungumi hirar titi, ya koma gida yana cewa "gamil" a kan mumbari. Amma wannan sakin karatu ne ya jawo, ba sanin Ammiyya ba. Malaman da suke koya maka balaga da tafsiri da ita suka tashi, da ita suke magana da iyalansu. Ka saurari karatun tafsirin marigayi Shehu Sha'arawi, wanda ya rasu a 1998, ka ji yadda yake karanta aya da Fusaha tsantsa, ya juyo ya warware ta da harshen mutanen ƙauye. Ina ma ba ka shawarar ka mayar da shi abin saurarenka na minti 15 a kullum, domin ka riga ka san ayar, ka san inda maganar ta nufa, sai kunnenka ya samu sarari ya kama Ammiyyar da ke kewaye da ita. Irin wannan gaurayen ne kuma kake ji a aji. Fusaharka ka tsare ta da muraja'a da karatu a bayyane da rubutu, kamar yadda ka saba.

Kada ka sa ran abin zai zo gaba ɗaya. Hira da mutum ɗaya fuska da fuska ita ce take fara samuwa. Zama cikin mutum huɗu suna zolayar juna zai daɗe yana wuce ka, waya kuma ta fi duka wuya tunda babu fuska babu hannu, don haka idan mai gida ko mai gyaran famfo zai yi maka bayani ka roƙe shi ya turo saƙon murya, ka saurara sau uku kafin ka amsa. Alamar ci gaba ba ita ce ka daina kuskure ba. Za ka gane ka matsa ranar da mai ful ya daina sassauta maka magana, ko ya fara ba ka labarin da ba ka tambaye shi ba, na tsadar mai ko na ɗansa da ke jarrabawa.

Idan kuwa ka gwada wannan wata ɗaya ko biyu ka ga har yanzu maƙogwaro yana shaƙewa a gaban mutane, to ka fara daga ɗaki. Ka nemi ɗalibi Bamisire ɗaya a ajinku ko a masallacin layinku ku yi musaya, kai ka saurari haddarsa rabin awa, shi ya yi hira da kai rabin awa da Ammiyya, da sharaɗin kada ya katse ka, ya tara gyaran sai ƙarshe, kuma kada ya wuce uku a zama ɗaya. Akwai kuma cibiyoyin koyar da baƙi Larabci da yawa a Madinatu Nasar, wasunsu suna da ajin Ammiyya, in aljihu zai ɗauka. Idan faɗuwar gaban ta wuce wajen magana, ta hana ka barci ko fita ko cin abinci, wannan ya wuce batun harshe, ka gaya wa babba a cikinku ya raka ka wajen likita. Ka rubuto mini bayan wata biyu in ji yadda kuka ƙare da mai shagon, kuma ka gaishe mini da 'yan gidan naku.